Za ka sayi kamfani? Maja, sayen hannun jari ko sayen kadarori: wa zai gaji bashi, izinin wa za ka nema, ya za a yi da ma'aikata

Abin da mutanenmu da yawa ke mantawa idan ana cinikin masana'anta shi ne, a idon doka kamfanin da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC mutum ne mai zaman kansa, daban yake da Alhajin da ya kafa shi. Shi kamfanin ne ya ci bashin banki, shi ya ɗauki ma'aikata, shi ake bi haraji, kuma shi ake kaiwa ƙara kotu. Toh tunda haka ne, kafin ka fara maganar farashi ma, tambayar farko ita ce me kake saya, shi kamfanin kansa ne ko kayansa? Ko kuwa so kake ka narkar da shi cikin naka su zama abu ɗaya, wato maja? Amsar nan ita za ta nuna bashin da zai hau kanka, da ofisoshin da za ka zaga, da halin da ma'aikata za su shiga.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, lissafin nawa ne na tsara don a gane. A ce akwai kamfanin casar shinkafa a Kano, yana da fili da gini na naira miliyan 400, injina na miliyan 420, shanshera da buhunan shinkafa a sito na miliyan 80, jimla miliyan 900. Banki na bin sa miliyan 200 kuma fili da injinan ne jingina, dilolin shanshera na bin sa miliyan 60, akwai wani ɗan kwangila da ya maka shi a kotu kan miliyan 25. Ma'aikata 80. Cinikinsa na bara miliyan 700. Kai kuma kana da naka kamfanin kana son ka faɗaɗa.

Mataki na farko: bincike kafin ka zaɓi hanya

Kar ka yarda ka sa hannu a komai sai ɗan agirimen na rufin asiri da zai ba lauyanka da akantanka damar buɗe fayil. Lauya ya yi bincike a CAC ya ga su waye ainihin masu hannun jari, su waye daraktoci, da kuma jinginar da aka yi wa rajista, don dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce a yi wa jingina rajista cikin kwana 90. Ya duba rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, wadda ke ƙarƙashin CBN, don injina da motoci a nan ake ganin su wani lokacin. Ya je ofishin filaye ya duba takardar mallakar filin, sunan wa take ɗauke da shi, don sau tari za ka tarar filin da sunan Alhaji yake ba da sunan kamfani ba, kuma wannan kaɗai yana iya rusa maka tsarin gaba ɗaya, ka sayi hannun jari kana ganin ka mallaki masana'anta ashe filin da take kai ba ya cikin cinikin.

Shi kuma akanta kar ya tsaya a kan odit da aka miƙo masa. Ya nemi rasit na biyan haraji, da na harajin albashin ma'aikata da ake kai wa hukumar haraji ta jiha, da shedar tura kuɗin fansho wata-wata. A nan ne ake yawan samun ɓaraka. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya sa kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan an biya albashi, wanda ya ƙi akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. A misalinmu a ce albashin da ake lissafin fansho a kansa dubu 70 ne a matsakaici, kashi 18 ɗinsa naira 12,600 kenan, sau mutum 80 ya haura miliyan ɗaya a wata, idan an yi wata 18 ba a tura ba kaga miliyan 18 ta taru ban da tara. Hanya mafi sauƙi ta ganewa, a ce wa ma'aikata biyar ko shida su nuno saƙon da ke shigo musu a waya daga kamfanin fanshonsu, ka ga yaushe rabon da wani abu ya shiga.

Mataki na biyu: ka kalli inda bashi zai sauka a kowace hanya

Idan hannun jari ka saya, babu abin da ya motsa a kamfanin sai sunan mai shi. Lambar rajistarsa tana nan, lasisinsa yana nan, kwangilolinsa suna nan, haka ma duk bashin da ya ci tun ranar da aka kafa shi, wanda aka faɗa maka da wanda ba a faɗa ba, har wanda shi mai sayarwar bai san da shi ba. Gaskiya ne ba za a zo a kama gidanka ba, kamfanin ake bi, amma ai kuɗinka ne a cikin kamfanin. Hukumar haraji tana iya komawa baya shekara shida ta yi bincike, idan ta ga ha'inci ma ta wuce haka. Don haka farashin hannun jari ba miliyan 900 ba ne. Ka cire 200 na banki, 60 na dilloli, 18 na fansho, saura 622, kuma ba mu zo kan giratuti ba tukuna.

Maganin abin da ba a gani ba yana cikin yarjejeniyar, abu uku. Na ɗaya mai sayarwa ya rubuta ya tabbatar cewa ga iyakar bashin, ga iyakar shari'u, haraji an biya zuwa wata kaza, idan ta bayyana ƙarya ce za ka iya neman diyya. Na biyu, abin da aka riga aka sani kamar shari'ar miliyan 25 ɗin nan, a ware mata saɗara ta musamman cewa duk abin da kotu ta yanke shi zai biya naira da kobo. Na uku, wanda ni na fi ba muhimmanci, a riƙe wani ɓangare na kuɗin a asusun da ba mai iya taɓawa shi kaɗai, a ce miliyan 60 na tsawon wata 18. Don wallahi alkawarin takarda ba ya wani amfani idan mutum ya karɓi kuɗinsa ya raba wa magada ko ya zuba su a wata harka, sai dai ku yi ta zarya a kotu shekara da shekaru.

Idan kadarori ka saya, kai ne ke zaɓa. Ka rubuta jerin abin da kake so, fili, gini, injin casa, janareta, sikeli, tirela biyu, sunan shinkafar da tambarinta, sauran kuma suna nan wuyan tsohon kamfanin. Dilolin shanshera shi za su ci gaba da bi, ɗan kwangilar nan shi ya kai ƙara ba kai ba, tsohon haraji nasa ne. Shi ya sa lauyoyin masu saye suka fi son wannan hanya. Amma fa ba ta kai tsaftar da ake zato ba. Jinginar banki manne take da filin da injinan, duk hannun da suka koma tana biye da su. Kar ka miƙa wa mai sayarwa miliyan 900 ka ce ya je ya biya banki. A nemi banki ya rubuto adadin da yake bi zuwa ranar da za a kammala, ka tura wa bankin nasa kai tsaye, ya ba da takardar sakin jingina ya dawo da ainihin takardar fili, a je CAC a shigar da shedar an biya, sannan ka ba mai sayarwa ragowar. Kuɗin ƙasa da ya taru a kan filin, da duk wata ɓarnar muhalli kamar ruwan turara shinkafa da ake sakar wa maƙwabta, a aikace wanda aka tarar a wurin shi za a tuhuma. Sannan idan ka saya da arha ta fitar hankali alhali kamfanin na dab da durƙushewa, wanda aka naɗa ya karkasa dukiyarsa ya biya masu bin bashi na iya zuwa kotu a warware cinikin idan bai wuce shekara biyu ba, don haka ka samu mai kimanta kadara ya rubuta maka rahoto ka ajiye.

Maja kuwa ita ce ta fi kowacce haɗiye komai. Kotu ce ke ba da umarni duk kadarori da duk bashi na kamfanin da za a narkar su koma kan wanda zai rage, shari'un da ke gaban alƙali a ci gaba da su da sunansa, shi kuma tsohon a soke shi ba tare da an bi hanyar karkasa shi ba. Haka aka yi da bankin Diamond a 2019, masu hannun jarinsa suka karɓi naira ɗaya kan kowane hannun jari da kuma hannun jarin Access biyu kan kowane bakwai nasu, Diamond ya daina wanzuwa, masu ajiya da masu bin bashi duk suka koma wuyan Access. Ka lura da bambancin nan sosai: a sayen hannun jari bashin yana killace a cikin kamfanin shinkafar, idan abin ya ɓaci shi kaɗai zai nitse. A maja babu wannan katanga, ɗan kwangilar miliyan 25 zai iya zuwa kan asusun kamfaninka na asali da ka sha wuya ka gina. Ni a ganina ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi bai kamata ya fara da maja ba, ya sayi hannun jarin ya riƙe kamfanin daban na shekara biyu ko uku, duk abin da ke ɓoye ya fito, in ya so daga baya ya haɗe su.

Mataki na uku: izini

Akwai wanda ya shafi hanyoyin uku duka, kuma shi aka fi tsallakewa, wato na FCCPC, hukumar kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. A dokarta ta 2018, duk cinikin da zai ba ka iko da kasuwancin wani, ko wani ɓangare nasa, maja ne a wurinta, ko hannun jari ka saya ko kadarori. Ma'aunin da ta fitar a 2019 ya ce idan cinikin shekara na kamfanonin biyu a haɗe ya kai naira biliyan ɗaya, ko na wanda za a saya shi kaɗai ya kai miliyan 500, dole a sanar da ita a jira amincewarta kafin a aiwatar. Kamfaninmu na misali ya yi miliyan 700, kaga ya shiga. Da yadda naira ta faɗi yanzu, masana'antar da ba ta kai ta kawo ba ma tana haura wannan adadi. Wanda ya aiwatar ba izini, cinikin ɓatacce ne a doka kuma tara na iya kai kashi 10 na cinikin shekara. Ka ware lokaci, don doka ta ba hukumar kwanakin aiki 60 kuma tana iya tsawaitawa. A wannan tsakanin kar ka karɓi mukullin sito, kar ka tura manajanka ya fara ba da oda, wannan ma aiwatarwa ce.

Bayan wannan, sayen hannun jari a kamfani mai zaman kansa shi ya fi sauƙi. Ka karanta kundin dokokin kamfanin, yawanci akwai sharaɗin cewa sai an fara yi wa sauran masu hannun jari tayi, toh ka tabbata kowannensu ya rubuta ya yafe, musamman kamfanin gado da ƙanne da 'yan uwa mata ke da kaso. A sa hannu a takardar miƙa hannun jari, daraktoci su amince, a shigar da sunanka a rajistar membobi, a ba ka satifiket, a sanar da CAC sabbin daraktoci da sabon mai iko, don duk mai kashi 5 zuwa sama sai an bayyana shi. Ba ka buƙatar izinin gwamna tunda filin bai sauya mai shi ba. Sai dai ka duba yarjejeniyar bashin banki, kusan kullum tana cewa idan mallakar kamfani ta sauya ba da yardarsa ba zai iya neman kuɗinsa duka nan take. Idan kamfanin na jama'a ne, wanda kowa ke iya sayen hannun jarinsa, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC za ta shigo, kuma wanda ya kai kashi 30 ana tilasta masa ya yi wa sauran tayi. Harkokin da ke da hukuma ta musamman kuma ba sa kuɓuta, banki sai CBN ta yarda a rubuce, inshora NAICOM, sadarwa NCC, man fetur sai minista. Kamfanin mai na Seplat ya sanar da sayen hannun jarin kamfanin ExxonMobil na Najeriya a Fabrairun 2022 kan kusan dala biliyan 1.28, amma ba a kammala ba sai Disambar 2024, jiran izini da taƙaddama suka ci lokacin.

Sayen kadarori shi ne mai yawan zirga-zirga, don kowane abu da tasa hanyar. Tunda abin da za a sayar ya haura rabin darajar kadarorin kamfanin, sashe na 342 na CAMA ya ce sai masu hannun jarin mai sayarwa sun zauna sun amince, sa hannun manajan darakta shi kaɗai bai isa ba, ka nemi kwafin ƙudurin. Fili sai da izinin gwamna bisa sashe na 22 na dokar filaye ta 1978, ga kuɗin izini da na hatimi da na rajista, waɗanda ake lissafawa kan darajar filin. Kwangiloli ba sa bin ka haka kawai, idan akwai babban kwastoma da ke ɗaukar tirela goma a wata, sai an zauna ku uku ya yarda ya koma hulɗa da kai, kuma a nan ne yake samun damar cewa a rage masa farashi. Rajistar NAFDAC da sunan tsohon kamfani take, sai ka bi hanyar sauya ta kafin ka buga lambar a buhunka, tambari ma sai an miƙa shi a ofishin rajistar tambura. Maganar haraji kuma ka zaunar da akanta tun da wuri, don dokokin da suka fara aiki a Janairun 2026 sun sauya lissafin harajin ribar sayar da kadara, a da kashi 10 ne, yanzu na manyan kamfanoni ya koma daidai da harajin kamfani, kuma mai sayarwa zai so ya ɗora maka a farashi.

Maja tana bin sashe na 711 na CAMA. Daraktocin ɓangarorin biyu su amince da takardar tsarin, a samo izinin FCCPC da sauran hukumomin da abin ya shafa, a roƙi Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin kowane kamfani ya kira taron masu hannun jarinsa daban, a kowane taro sai masu kashi uku cikin huɗu na darajar hannun jarin da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a sun yarda, a koma kotu ta tabbatar, sannan a kai umarnin CAC a buga sanarwa a jarida. Tana da tsada da cin lokaci, amma umarni ɗaya ya ɗauke maka bin kwangiloli ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu: ma'aikata

Nan ne na fi so a tsaya, don mutum 80 ɗin nan magidanta ne, kuma su ne ake tunawa da su a ƙarshe bayan an gama raba kuɗi.

A sayen hannun jari mai ɗaukar aikinsu bai sauya ba, saboda haka ba wanda aka sallama, ba a buƙatar sabuwar takardar ɗaukar aiki, shekarunsu na aiki suna ci gaba da ƙirguwa. Wanda ya yi shekara 12 ya yi 12 a wurinka. Giratuti ba doka ce ta ɗora wa kowane kamfani ba, yana fitowa ne daga takardar ɗaukar aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata ko yarjejeniya da ƙungiya, amma da zarar an rubuta ya zama bashi. A ce littafin ya ce albashin wata ɗaya kan kowace shekara, matsakaicin shekarunsu 6, albashi dubu 70, mutum 80, miliyan 33.6 kenan da ba za ka gani a odit ɗin ƙananan kamfanoni da yawa ba. Cire ta daga 622, farashin ya dawo wajen miliyan 588.

A sayen kadarori babu ma'aikacin da ke komawa wurinka kai tsaye. Birtaniya tana da dokar da ke sa ma'aikata su bi kasuwancin da sharuɗɗansu, mu ba mu da irinta. Abin da muke da shi sashe na 10 na dokar ƙwadago, ya ce ba a mayar da kwangilar ma'aikaci daga wani mai aiki zuwa wani sai da yardarsa kuma jami'in ƙwadago ya sa hannu. Hanya biyu ce kenan. Ko dai kowane ma'aikaci ya sa hannu ya yarda ya dawo wurinka da shekarunsa, kai kuma ka cire miliyan 33.6 ɗin daga farashi tunda kai za ka biya wata rana, ko kuma tsohon kamfani ya sallame su ya biya kowa haƙƙinsa kai ka ɗauke su sabo fil. Idan ta biyun aka zaɓa, dan Allah kar ka bar biyan a hannun alkawari. Kamfanin da ya sayar da komai ɓawo ne kawai ya rage, ma'aikaci ko ya ci shari'a a kotun ma'aikata ta ƙasa ba abin da zai kama. Ka sa a yarjejeniya cewa daga kuɗin cinikin za a biya giratuti da bashin albashi da fanshon wata 18 ɗin nan kai tsaye zuwa asusun kowa, ka ga shedar banki, kafin ragowar ta tafi. Ko don kanka ma ya kamata, mai kula da tukunyar turara da ya san an cinye masa haƙƙin shekara 10 a ginin nan ba zai yi maka aiki da zuciya ɗaya ba, kuma ƙofarka za su taru ba ƙofar wanda ya tafi ba.

Waɗanda ba za ka ɗauka ba, a ce mutum 15, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyarsu ko wakilansu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma a yi iya ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Notis a sashe na 11 yake, sati ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama, idan takardarsa ta ba shi fiye da haka ita za a bi. Manajoji da injiniyoyi da akantoci wannan doka ba ta rufe su ba, nasu yana cikin takardar ɗaukar aikinsu, sai a karanta ta kowa daban.

A maja kuma doka ta ɗan fi tsaya wa ma'aikata. Kotu ba za ta soke tsohon kamfani ba sai ta gamsu an yi wa ma'aikatansa isasshen tanadi, na diyya ko waninsa, don haka takardar tsarin dole ta faɗi me za a yi da su. Matsalar takan zo bayan wata shida, an wayi gari da akanta biyu, mai kula da sito biyu, da tsarin albashi biyu da ba su daidaita ba, ba kuma za ka rage wa mutum albashi ba da yardarsa ba don kawai a yi daidai da na ɗaya ɓangaren. Duk cinikin da ya kai a sanar da FCCPC kuwa, ta kowace hanya cikin ukun, doka ta ce a ba ƙungiyar ma'aikata ko wakilansu kwafin sanarwar, saboda haka za su ji ko ka so ko ba ka so, gara ka tara su a harabar masana'anta kai da mai sayarwa ku faɗa musu da bakinku ranar da za a miƙa, wa zai biya giratuti, da kuma yaushe kuɗin fanshonsu zai shiga.